Binciken kuɗin manhajoji duk bayan wata uku: yadda ake gano kujerun da ake biya babu mai zama a kai

Alat ɗin da ke shigowa tsakar dare shi ne ba a cika dubawa ba. Dala bakwai nan, dala goma sha biyar can, da safe ka gani ka ce ai na imel ɗin ofis ne, ka wuce. A ƙananan kamfanonin da nake duba wa littafi, kuɗin dizal da na takarda ana yi musu ƙwaƙƙwafi har kan naira ɗari, amma kuɗin manhaja yana fita wata bayan wata ba mai tambayarsa, don shi ba ya zuwa da mai bin bashi a bakin ƙofa. Da dala tana kusan naira 460 ana iya kau da kai. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,400 a farkon 2024, kuɗin ya ninka sau uku ko da ba a ƙara maka ko sisi a farashin ba. Ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da manyan kamfanonin waje suka fara ɗorawa a kan masu biya daga Najeriya tun 2022.

Yawancin manhajojin ofis ana biyansu ne bisa yawan mutane. Kowane mutum ɗaya lasisi ɗaya, abin da za mu riƙa kira kujera. Binciken gaba ɗaya lambobi uku yake nema a kan kowace manhaja: kujera nawa ake biya, nawa aka raba wa mutane, nawa kuma ake amfani da su da gaske. Mai kamfani yakan ɗauka ukun nan abu ɗaya ne. Da wuya su zo daidai.

Zan bi da misalin wani kamfanin buga takardu da zane a Kano, mai mutum goma da ke aiki da kwamfuta. Farashin da zan sa na lissafi ne kawai, kai ka ɗauki naka daga rasit ɗinka. Dala kuma mu ƙaddara ta a naira 1,500.

Mataki na farko: bi sawun kuɗin, kada ka tambayi mutane

Idan ka tara ma'aikata ka ce kowa ya faɗi manhajar da ake biya, za su kawo maka waɗanda suke buɗewa kullum. Wadda kake nema ita ce wadda kowa ya manta da ita, don haka daga takardar banki ake farawa.

A karon farko ka ciro bayanan wata 13, ba wata uku ba. Dalili shi ne akwai abubuwan da sau ɗaya ake cirewa a shekara, kamar kuɗin sunan shafin intanet da na wurin ajiye shafin, kuma wata na 13 shi zai nuna maka cirar bana kusa da ta bara ka ga ko an yi ƙari. Daga zagaye na biyu wata uku ya isa.

Matsalarmu a nan ita ce kuɗin ba ta ƙofa ɗaya yake fita ba. Lokacin da bankuna suka rufe amfani da katin naira a ƙasashen waje a shekarun 2022 da 2023, kowa ya nemi mafita: wani ya buɗe katin dala na cikin waya, wani ya yi amfani da asusun dala, wani ya ba ƙanensa da ke waje ya riƙa biya. Takardar bankin kamfani ba za ta nuna maka komai ba sai cewa an tura naira dubu ɗari uku zuwa manhajar katin. Abin da aka saya da kuɗin yana can cikin manhajar katin, sai ka shiga ka sauke bayanansa daban. Sannan ka duba littafin ƙananan kashe-kashe, inda ake mayar wa ma'aikaci kuɗin da ya biya da katinsa. Sai wayoyi: a Android ka buɗe Play Store, ka shiga `Payments & subscriptions`, a iPhone kuma `Settings`, ka taɓa sunanka, sai `Subscriptions`. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗinta, kuma mutane da yawa ba su san haka ba.

Sunan da ke kan takardar ba koyaushe ne sunan manhajar ba. `MSFT` Microsoft ne. `APPLE.COM/BILL` na iya zama kowace manhaja da aka saya ta iPhone. `PADDLE.NET` kamfani ne da ke karɓar kuɗi a madadin ƙananan masu manhaja, don haka sai ka nemi rasit ɗin a imel kafin ka san na wane ne. Ka bincika akwatin imel na maigida da na akanta da kalmomin `invoice`, `receipt` da `renewal`, ka haɗa kowace cira da rasit ɗinta ta hanyar rana da adadi. Cirar da ka rasa rasit ɗinta ka ja mata layi, galibi ita ce ke kai ka ga asusun da wani da ya bar aiki ya buɗe.

Mataki na biyu: takarda ɗaya, layi ɗaya ga kowace cira

Buɗe Excel ko Google Sheets. Gidan A sunan manhaja, B aikin da take yi, C kujerun da ake biya, D waɗanda aka raba, E waɗanda ake amfani da su, F farashin kujera a wata, G tsarin biya, wato na wata ko na shekara, H ranar sabuntawa, I katin da ake cira, J wanda ke da alhakinta. Kuɗin shekara ka raba shi gida 12 don komai ya koma ma'auni ɗaya.

Gidan B ka rubuta shi da kalma ɗaya ko biyu, kuma ka riƙe kalmar: taro, ajiya, zane, imel, lissafi. Idan ka rubuta “ajiyar fayil” a wani layi, “adana takardu” a wani, lissafin ba zai gane abu ɗaya ba ne. Sai ka ƙara gidaje uku:

```
=(C2-E2)*F2
=COUNTIF(B:B,B2)
=H2-TODAY()
```

Na farko asarar wata ce, na biyu yana nuna manhaja nawa ke aiki iri ɗaya, na uku kwana nawa suka rage a sabunta. Farashin ka rubuta shi da dala, ka mayar naira a ƙarshe. In ka fara da naira, hawa da saukar dala zai ɓoye maka ko kamfanin ne ya yi ƙari ko kasuwa ce ta motsa.

Kamfanin namu layi takwas ya samu, jimillar dala 281 a wata kafin haraji: Google Workspace 98, Microsoft 365 dala 60, Zoom 45, manhajar lissafi 30, Canva sau biyu a kan 13 kowanne, Dropbox 12, sai shafin intanet da ya tashi 10 a wata.

Mataki na uku: ƙirga kujeru

Nan ne aikin yake, kuma sai da shigar admin. Idan ka tarar kalmar sirrin admin tana hannun yaron da ya haɗa muku imel shekara uku da suka wuce, to wannan ka fara gyarawa kafin komai.

A Google Workspace ka shiga `admin.google.com`. `Billing`, sai `Subscriptions`, zai ba ka adadin da ake biya da tsarin biyan. `Directory`, sai `Users`, zai jero mutanen, da gidan `Last sign-in` mai nuna ranar da kowa ya shiga na ƙarshe. Kamfanin namu yana biyan kujera 14 a kan dala 7, an raba duka 14, goma ne ke motsi. Huɗun da suka rage: 'yan bautar ƙasa biyu da suka gama shekararsu suka tafi, tsohon akanta, da wani adireshi `info@` da aka buɗe masa asusu sukutum alhali saƙonninsa ga manaja ake juya su.

Manajan ya yi mamaki, ya ce ai shi da hannunsa ya rufe 'yan bautar ƙasar ranar da suka yi sallama. Gaskiya ya faɗa, amma `Suspend` ya danna. Dakatar da mutum yana hana shi shiga ne kawai, Google kuma yana ci gaba da cajin asusun da aka dakatar kamar kowane asusu. Shi kuwa `info@` bai buƙaci kujera ba tun farko. Ana iya maƙala shi a asusun manaja a matsayin adireshi na biyu, ko a mai da shi rukuni a `Groups`, duka kyauta.

A Microsoft 365 tarkon daban ne. Ka shiga `admin.microsoft.com`, `Billing`, sai `Licenses`, za ka ga adadin da aka saya da adadin da aka raba. Namu sun sayi shida a kan dala 10, huɗu ne a hannun mutane. Wato an cire wa mutum biyu lasisi da suka tafi, lasisin suka koma rumbu, ana biyansu. Cire lasisi daga mutum abu ɗaya ne, rage adadin da ka saya wani abu ne, kuma na biyun a `Your products` ake yinsa. Don sanin masu amfani ka buɗe `Reports`, sai `Usage`, ka zaɓi kwana 90. In ka ga haruffa barkatai a madadin sunaye, ba lalacewa ya yi ba, tsarin ne ke ɓoye sunaye tun asali, kuma ana buɗe su a `Org settings` ƙarƙashin `Reports`. A nan aka ga uku ne ke buɗe Excel da Word, na huɗun bai taɓa su ba tsawon wata ukun.

Zoom ma haka yake. Mayar da mutum daga `Licensed` zuwa `Basic` ba ya rage kuɗi sai ka je shafin biya ka rage adadin. Uku ake biya a kan dala 15, mutum ɗaya ne ke kiran taro. Sauran biyun shiga kawai suke yi, shiga taro kuwa ba ya buƙatar lasisi.

Kada ka yanke hukunci da ranar shiga kaɗai. Wanda ke karanta imel a wayarsa kullum yana iya shafe watanni bai sake sa kalmar sirri ba, sai ranar ta nuna kamar ya ɓace. Ka duba rahoton amfani da imel, sannan ka tambayi mutumin. Akwai mai jego, akwai wanda ya tafi jinya, akwai mai aikin da sau ɗaya ake yi a shekara lokacin rufe littafi. Ni ƙa'idata kwana 90 babu motsi, a tura wa mutum saƙo, a ba shi mako guda ya kawo dalili. Za ka kuma iya cin karo da akasin haka, mutum uku a kan kujera ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Wannan ya saɓa sharuɗɗan yawancin kamfanonin, kuma ranar da aka goge wani abu ba za ka san wanda ya goge ba. Bincike nagari wani lokaci ƙara kujera yake sa ka yi.

Mataki na huɗu: biyu a kan aiki ɗaya

Duk layin da lissafi na biyu ya nuna sama da 1, ka tsaya a kansa. Amma lissafin ba ya ganin abin da ke cikin ƙunshi, don haka ka ƙara layi na dala sifili ga kowane abu da ya zo tare da Workspace ko Microsoft 365: Meet a “taro”, Drive da OneDrive a “ajiya”, Sheets da Excel a “lissafi”.

Mai sauƙin shi ne Canva. Ana biyansa da katin kamfani, sannan yarinyar da ke kula da shafukan sada zumunta ta sake biya ta Play Store a wayarta, ana mayar mata duk wata, don ba wanda ya gaya mata kamfani yana da shi. Ta kwashe zane-zanenta zuwa asusun kamfani, aka soke nata.

Sauran sai da tunani, kuma a nan ne mai gaggawa ke yin ɓarna. Tambayar da nake yi wa mai amfani da manhajar ɗaya ce: wane abu kake yi a nan da ɗayar ba za ta yi maka ba? A nuna mini, ba a faɗa mini ba.

Mai kiran taro a Zoom ya nuna cewa yana naɗar zamansa da masu ba da aiki, don kada gobe a ce ba kalar da aka yarda ke nan ba. Ƙaramin tsarin Workspace, wato Business Starter, ba ya naɗar taron Meet, sai an hau Business Standard. A ɗaga mutum goma don mutum ɗaya ya fi tsada, sai aka bar masa kujerarsa guda. Masu Excel uku su ma aka bar su, tunda suna aiki a kan kwamfuta ko da intanet ya ɗauke, kuma takardun farashi da manyan abokan ciniki ke turowa sukan hargitse idan an buɗe su a Sheets.

Dropbox ne ya fi kama da abin sokewa, tunda ga Drive an riga an biya. Da aka duba, fayilolin zane da ke ciki sun kai gigabait 600. Business Starter gigabait 30 yake ba kowace kujera, a haɗa su wuri ɗaya: kujera 14 gigabait 420, ba ma za su ɗauka ba. Ka lura da wani abu a nan. Da zarar an rage kujeru zuwa goma, rumbun zai koma 300. Kafin ka rage sai ka duba nawa aka riga aka cika, in ba haka ba ka wayi gari ana kasa ɗora fayil. Su sun cika 190 ne, babu matsala. Dropbox ya tsira, sai dai an ɗauke shi daga katin mai zane aka mai da shi kan na kamfani da imel ɗin kamfani, don ranar da ya tafi kada ya tafi da aikin shekara biyar.

Mataki na biyar: ranar sabuntawa ce ke da iko

Ganin kujera babu kowa ba ya nufin za ka daina biya gobe. A tsarin wata-wata, ragin yakan fara aiki nan take ko a wata mai zuwa. A tsarin shekara kuwa alkawari ka ɗauka. Google ba ya barin a rage kujeru a tsarin shekara sai lokacin sabuntawa, ko da wata-wata ake cirar kuɗin, kuma wannan shi ke ruɗa mutane: cira duk wata ba ta nufin tsarin na wata ne. Ka karanta abin da aka rubuta a `Subscriptions`. Microsoft kuma kwana bakwai yake bayarwa bayan saye ko sabuntawa a rage, in sun wuce sai wa'adin ya cika. Idan ta hannun dillali kuka saya, shi za a rubuta wa, kuma a rubuce, da wuri.

An yi binciken kamfanin namu a makon farko na Oktoba. Microsoft, Zoom da Canva na wata ne, aka rage nan da nan: 30, da 30, da 13, dala 73 ke nan a wata, kusan naira 118,000 in an haɗa da haraji. Workspace kuwa sai Fabrairu. Dala 28 sau wata huɗu, 112, sun riga sun tafi, babu yadda za a yi. Abin da ya rage shi ne a goge asusun huɗun kafin ranar, a gyara zaɓin sabuntawa don kada ya sake ɗaure kujera 14 na wata shekara, a kuma sa tunatarwa kwana 30 kafin lokacin. Daga Fabrairu ragin zai kai dala 101, kusan naira 163,000 a wata, sama da kashi ɗaya cikin uku na abin da ake kashewa. Idan kuma aka ɗauki sabon ma'aikaci kafin nan, a ba shi ɗaya daga cikin kujerun da aka riga aka biya, kada a sayi sabuwa.

Wannan ne dalilin da ya sa wata uku ya fi dacewa da shekara. Mai dubawa sau ɗaya a shekara yana iya zuwa mako biyu bayan an sabunta, ya ga asarar da idonsa, ya kuma biya ta wata goma sha ɗaya da rabi. Duk layin da lissafi na uku ya nuna ƙasa da kwana 100, a wannan zaman za a yanke masa hukunci, don zama na gaba zai iya zuwa a makare.

Akwai ɗan lissafi da ke taimakawa wajen zaɓar tsari. A Google da Microsoft, tsarin wata yakan fi na shekara tsada da kusan kashi 20 cikin ɗari. Raba 12 da 1.2, ka samu 10. Kujerar da za a zauna a kai ƙasa da wata goma a shekara, ta wata ta fi arha duk da tsadarta. Ɗalibin da ya zo koyon aiki na wata shida, ko ƙarin hannun da ake ɗauka lokacin buga kalanda da fastocin zaɓe, bai kamata a ɗaure musu shekara ba.

Kafin ka danna gogewa

Asusun tsohon akanta ya fi kowanne haɗari. Da adireshinsa aka yi rajista a shafin hukumar haraji, da shi aka buɗe manhajar lissafi, can kuma lambobin tabbatarwa ke zuwa. Ka shiga akwatin ka duba su wane ne ke turo masa saƙo a shekarar da ta wuce, ka canza adireshin a kowane wuri tukuna. Lokacin gogewa Google zai ba ka damar mayar da fayilolin Drive ga wani, amma saƙonnin imel ka kwashe su daban tun kafin nan. In an yi kuskure, kwana 20 ne ake iya dawo da asusun. Bayan an goge, ka maƙala tsohon adireshin a asusun sabon akanta don saƙon da ya ɓata hanya ya samu masauki. A Microsoft akwai hanya mafi sauƙi: a mayar da akwatin `Shared mailbox` kafin a cire lasisin, ba a biyan komai a kansa muddin bai wuce gigabait 50 ba.

Kada kuma ka bi gajeriyar hanyar da ake yawan bi, ta barin katin dala babu kuɗi don cira ta riƙa faɗuwa. Wannan ba sokewa ba ce. A tsarin shekara bashin yana nan a kanka, asusun ne za a rufe da fayilolinka a ciki. Kuma kati ɗaya yakan ɗauki abubuwa da yawa, sai sabunta sunan shafinku ya faɗi tare da abin da kake gudu, imel ɗin kamfani gaba ɗaya ya tsaya. Ka soke daga cikin manhajar, ka ajiye saƙon tabbatarwa ko hoton allon, ka rubuta ranar a takardarka.

Zama na gaba, a makon farko na Janairu, da tsohuwar takardar ake buɗe shi. Abu na farko a duba ko Zoom ya koma dala 15, Microsoft 30, kuma cirar Play Store ta tsaya. Na biyu a ɗauko jerin albashi a kwatanta da jerin masu asusu, suna da suna. Zaman farko yakan ci yini guda, na biyu awa biyu ya ishe shi, musamman idan an riga an ƙara layi ɗaya a takardar sallamar ma'aikaci, tsakanin mayar da mabuɗi da mayar da kwamfuta, inda manaja zai rubuta kujerun da aka karɓe da ranar da aka rage su a shafin biya.